Yadda Ake Haɗa Takardar Atisayen Jadawalin Sau, Daga Mai Sauƙi Zuwa Mai Wuya, Tare da Amsoshinta

Iyaye da malamai sun sha yi mini tambaya ɗaya: yaro ya haddace jadawalin sau, yana rera shi tun daga biyu sau ɗaya har zuwa tara sau goma ba gargada, amma da zarar an tsinko masa 7 × 8 ita kaɗai sai ya yi tsuru. Wace irin takarda za a rubuta masa? Abin da ke gyara wannan shi ne takardar atisaye wadda aka jera tambayoyinta bisa nauyinsu a kan yaro, ba bisa jerin lambobi ba. Jadawalin 3 ya riga na 5 a ƙirga, amma na 5 ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya bi 1, 2, 3, 4 har zuwa 10 zai jefa yaro cikin wuya tun da wuri, sannan ya ajiye masa sau 10, wadda ba ta da wani nauyi, a can ƙarshe.

Ga yadda nake haɗa takarda mai tambayoyi 48 a shafi ɗaya, domin yaron da ya riga ya san ma'anar sau kuma an taɓa koya masa jadawalin 1 zuwa 10.

Kayan aiki

Farar takarda mai girman A4 guda uku: ɗaya ta shiri, ɗaya ta tambayoyi, ɗaya ta amsoshi. Sai rula, fensir, abin goge fensir, baƙin biro da jan biro. Idan yara da yawa ne za ka buƙaci fotokwafi, shafi ɗaya ga kowane yaro, takardar amsoshi kuwa kwafi ɗaya ya isa. Abin da za ka fi kashewa shi ne lokaci: karon farko ka ware kusan awa ɗaya. Takardu na gaba ba za su ci rabin haka ba, domin takardar shirin da za ka yi yau ita za ka yi ta amfani da ita.

1. Zana allon gidaje ɗari

A takardar shiri, zana murabba'i mai layi goma a kwance da goma a tsaye. Rubuta 1 zuwa 10 a samansa, ka sake rubuta 1 zuwa 10 a gefen hagu. Kowane gida tambaya ɗaya ce, wato tambayoyi 100 ke nan.

Sai ka ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, ya ratsa 1 × 1, 2 × 2, har 10 × 10. Duk abin da ke ƙasan layin nan maimaici ne na abin da ke samansa, domin 3 × 8 da 8 × 3 amsarsu ɗaya, 24. Idan ka ƙirga gidajen da ke kan layin da waɗanda ke samansa, za ka samu 55. Su ne ainihin abin da yaro zai riƙe. Kada ka soke na ƙasan gaba ɗaya, ka dai yi musu inuwa da fensir, domin za ka dawo ka ɗebo daga cikinsu lokacin da kake son juya tambaya.

2. Raba tambayoyin gida-gida bisa nauyinsu

Nan ne zuciyar aikin, saboda haka kada ka yi gaggawa. Abin da ke sa tambaya ta zama mai sauƙi shi ne yaro yana da gajeriyar hanyar kaiwa ga amsarta daga abin da ya riga ya sani. Ka jera gidajen ta yadda kowanne zai jingina da wanda ya gabace shi.

Gida na farko shi ne sau 1 da sau 10. Sau 1 tana barin lamba yadda take, sau 10 kuma sifili ake ƙara wa lambar a ƙarshe. Su kaɗai sun kwashe 19 daga cikin 55, saura 36. Ka haɗa su da sau 2, wadda ninki biyu ce kawai, abin da yaro ya saba da shi tun a darasin haɗawa. Sau 2 ta kwashe 8, saura 28.

Na biyu shi ne sau 5. Amsarta kullum tana ƙarewa da 0 ko 5, kuma rabin sau 10 ce: 10 × 8 ta ba da 80, rabinta 40, ita ce 5 × 8. Sababbin tambayoyi 7 ne a nan, saura 21.

Na uku shi ne sau 4, kuma na sa ta gaban sau 3 da gangan. Sau 4 ninki biyu ce har sau biyu: 7 ta zama 14, 14 ta zama 28. Yaron da ya iya sau 2 ba sabon abu zai koya ba, maimaita abin da ya iya zai yi. Sababbi 6, saura 15.

Na huɗu shi ne sau 3: a ninka lambar biyu, a ƙara mata kanta sau ɗaya. Ga 8 × 3, sai a ce 16 da 8, 24. Wannan yana buƙatar haɗawa a ka wadda ke tsallake goma, shi ya sa ta fi sau 4 nauyi ga yara da yawa. Sababbi 5, saura 10.

Na biyar shi ne sau 9. Mutane kan ɗauka tana cikin mafiya wuya saboda girman lambar, alhali tana da hanya mai kyau: a yi sau 10, a ɗebe lambar sau ɗaya. Ga 9 × 6, sai a ce 60 a ɗebe 6, saura 54. Sababbi 4 kacal suka rage a nan, wato 9 × 6, 9 × 7, 9 × 8 da 9 × 9, domin sauran duk an gamu da su a gidajen baya.

Abin da ya rage guda 6 ne: 6 × 6, 6 × 7, 6 × 8, 7 × 7, 7 × 8 da 8 × 8. Su ne gida na shida, kuma su ne inda yara, har da manya, suka fi yin tuntuɓe. Ba su da alamar da ido zai kama, kuma amsoshinsu suna kusa da juna da kuma amsoshin sau 9: ga 48 da 49, ga 54 da 56, ga 63 da 64.

Yayin da kake rabon nan, rubuta harafin gidan a cikin kowane akwati na allon: A, B, C, D, E, F. Kowane akwati harafi ɗaya zai samu, wato na gidan da ya fara kama shi. Misali 5 × 9 ta gidan B ce, ba ta E ba.

Hattara a nan: kada ka auna wuya da girman amsa. 10 × 9 ta ba da 90, 7 × 3 kuma 21, amma ta biyun ce ke kayar da yaro.

3. Yanke yawan tambayoyi da rabon sabo da tsoho

Sashe shida, kowanne tambayoyi 8, jimla 48. Na tsaya a 8 ne domin sun isa su nuna maka ko yaro ya iya gidan, kuma ba su kai yawan da zai gundure shi ba.

Ban da sashen farko, kada wani sashe ya zama sababbin tambayoyi zalla. A sa sababbi kamar 6, tsofaffi 2 daga sassan baya. Inda sababbin ba su kai 6 ba, kamar sau 3 da sau 9, tsofaffin su cike gurbin. Takardar nan kamar matakala take: idan taki ɗaya ya yi tsawo fiye da ƙafar yaro, a nan zai tsaya, komai kyan sauran. Tsofaffin tambayoyin su ne ke rage tsawon takin.

Aiki iri biyu suke yi. Wasu gada ce: ka ajiye su daf da sabuwar tambayar da za su taimaka wa, kamar 10 × 8 kafin 8 × 5. Ba ka faɗa wa yaro komai ba, amma ka sa hanyar a gabansa. Wasu kuma na hutu ne da tuni: tambaya ce da ya iya, ta faɗo a tsakiyar masu nauyi don ya numfasa, kuma don kada abin da ya wuce ya kwanta.

4. Rubuta tambayoyin a takardar shiri tukuna

Kada ka fara a kan takardar da za ka ba yaro. Rubuta jerin a bayan takardar shiri, kana yi wa kowane akwati na allon alama idan ka ɗauke shi. Ga jerin da na haɗa, kana iya kwafarsa yadda yake.

Sashe A
1) 2 × 3  2) 10 × 4  3) 1 × 7  4) 2 × 5
5) 2 × 8  6) 10 × 9  7) 6 × 2  8) 2 × 9

Sashe B
9) 5 × 4  10) 5 × 3  11) 2 × 7  12) 5 × 6
13) 5 × 5  14) 10 × 8  15) 8 × 5  16) 5 × 7

Sashe C
17) 4 × 3  18) 4 × 4  19) 4 × 6  20) 9 × 5
21) 7 × 2  22) 7 × 4  23) 4 × 9  24) 4 × 8

Sashe D
25) 3 × 3  26) 3 × 6  27) 6 × 5  28) 3 × 9
29) 8 × 2  30) 8 × 3  31) 9 × 4  32) 3 × 7

Sashe E
33) 10 × 6  34) 9 × 6  35) 7 × 3  36) 9 × 9
37) 8 × 4  38) 9 × 8  39) 7 × 5  40) 9 × 7

Sashe F
41) 6 × 6  42) 6 × 7  43) 7 × 7  44) 8 × 8
45) 9 × 3  46) 6 × 8  47) 6 × 9  48) 7 × 8

Ka lura da abubuwa uku a cikin jerin nan. Na farko, a cikin kowane sashe ma akwai hawa: ƙananan lambobi ne a farko, manya a ƙarshe. Amma ban jera su bi da bi ba. Da na rubuta 5 × 3, 5 × 4, 5 × 5, 5 × 6 a jere, yaro mai wayo ba zai ma dubi tambayar ba, biyar-biyar zai yi ta ƙarawa har ƙasa, ya cinye duka ba tare da ya tuna ko ɗaya ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun da ake rubuta wa yara a gida, kuma shi ne ke sa iyaye su zaci an iya alhali ba a iya ba. Shi ya sa 4 × 9 ta riga 4 × 8 a Sashe C.

Na biyu, tambayoyin suna juyawa. A lamba 32 an tambayi 3 × 7, a lamba 35 ta dawo a matsayin 7 × 3. Yaron da ya amsa ɗaya ya kasa ɗaya ya gaya maka cewa bai gane tambaya ɗaya ba ce ta sauya riga, kuma minti biyar da ƙwayoyin ƙirga a layi uku na bakwai-bakwai, a juya su, sun isa su warware masa.

Na uku, farkon Sashe F gada ce a jere: daga 36 a ƙara 6 a samu 42, daga 42 a ƙara 7 a samu 49. A nan kaɗai na yarda da wannan, saboda wurin yana da nauyi. A ƙarshe kuma na ajiye 6 × 9 kusa da 7 × 8 da niyya, domin 54 da 56 su ne amsoshin da aka fi musanyawa, kuma ina son in gani ko yaron ya raba su.

Idan ka gama, koma kan allon ka duba akwatunan da ba su sami alama ba. A jerin nan, daga cikin 36 ɗin da ba na sau 1 ko sau 10 ba, 2 × 2 da 2 × 4 ne kaɗai ba su shiga ba, kuma na bar su ne don sauƙinsu. Abin da ba a yarda a bari ba shi ne ko ɗaya daga gidajen C zuwa F. Ka kuma duba kada tambayoyi biyu masu amsa ɗaya su yi maƙwabtaka, kamar 8 × 3 da 6 × 4. Yaro zai ga 24 sau biyu a jere, ya yi shakka, ya goge amsar da take daidai.

Sau sifili fa? Idan an riga an koya masa, ka musanya tambaya ɗaya a Sashe A da 0 × 6. Ɗaya ta isa. Sau 11 da sau 12 kuwa ka yi musu tasu takardar daban bayan wannan ta zauna.

5. Tsara shafin

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Bar santimita ɗaya da rabi a hagu da dama, saura 18, ka raba su gida huɗu na santimita 4.5. Daga sama bar santimita 3.5 domin suna, kwanan wata da umarni. Kowane sashe ya ci santimita 4: ɗaya na kan sashe, sai layuka biyu na tambayoyi masu santimita ɗaya da rabi kowanne. Sassa shida sun ci 24, ɗan abin da ya rage a ƙasa na jimlar maki ne. Ja layukan da fensir mara ƙarfi, ka goge su bayan ka rubuta da baƙin biro.

Umarnin ya zama gajere: "Fara daga lamba 1, ka bi a jere. Wadda ba ka tuna ba, yi mata ɗigo ka wuce." A ƙarshen kan kowane sashe zana ɗan akwati ka rubuta /8 a gefensa. A bayan kowace tambaya ja layin amsa mai tsawon da zai ɗauki lambobi biyu na rubutun yaro, wanda ya fi naka girma.

Sunan sashe ya tsaya a harafi kawai. Kada ka rubuta "masu wuya" a kan Sashe F, domin akwai yaron da zai ajiye fensir tun kafin ya karanta tambayar farko. Kada kuma ka rubuta "jadawalin 9" a kan Sashe E, tunda akwai wasu a gauraye.

Hattara da lambar tambaya. Idan ka rubuta "3. 1 × 7" da ɗigo, ƙaramin yaro na iya karanta ta a matsayin 31 × 7. Sa baka bayan lambar, ka ƙanƙanta ta, ko ka zagaye ta. Ka kuma tabbata alamar × ɗinka ba ta karkace ta koma + ba, kuma 1 da 7 ɗinka ba su yi kama ba. Fotokwafi yana ƙara dusashe irin wannan, shi ya sa fensir da shuɗin biro mara kauri ba su dace da kwafin asali ba.

6. Haɗa takardar amsoshi

Sai tambayoyi sun zauna daram, ba sauran canji, sannan a rubuta amsoshi. Wanda ya rubuta su tare, sannan ya musanya tambaya ta 31 daga baya, sau da yawa yakan manta da amsarta.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki kwafi ɗaya na takardar tambayoyin ka cike shi da jan biro, ka rubuta AMSOSHI da manyan baƙaƙe a sama. Da yake tsarin ɗaya ne, idan ka ajiye shi gefen takardar yaro ido zai riƙa tsallakawa daga gida zuwa gida ba ɓata lokaci. Ga amsoshin jerin da ke sama:

A: 6, 40, 7, 10, 16, 90, 12, 18
B: 20, 15, 14, 30, 25, 80, 40, 35
C: 12, 16, 24, 45, 14, 28, 36, 32
D: 9, 18, 30, 27, 16, 24, 36, 21
E: 60, 54, 21, 81, 32, 72, 35, 63
F: 36, 42, 49, 64, 27, 48, 54, 56

Komai ƙwarewarka, ka bincika su. Babu abin da ke karya wa yaro gwiwa kamar ya rubuta 56 daidai a soke masa saboda takardar amsa ta ce 54. Ka bi su daga lamba 48 zuwa lamba 1, domin ido ba ya yin sakaci idan yana tafiya da baya. Sannan ka gwada su da alamomin da ba sa ƙarya. Duk amsar sau 5 ta ƙare da 0 ko 5. Duk amsar sau 9 a wannan jadawali, idan ka haɗa lambobinta biyu za su ba da 9, kamar 7 da 2 a cikin 72. Idan ɗaya daga lambobin tambayar tana rabuwa biyu daidai, dole amsar ma ta rabu biyu daidai, saboda haka 6 × 8 ba za ta taɓa zama 49 ba. In akwai kalkuleta kusa, minti biyu sun isa a bi ta kansu duka.

A gefen Sashe F na takardar amsoshi, ina son a rubuta hanyar kowace amsa da ƙananan baƙaƙe, domin wanda zai duba aikin ba lalle ne shi ya haɗa takardar ba. Ga 6 × 7 a rubuta 35 da 7. Ga 6 × 8, 40 da 8. Ga 7 × 7, 35 da 14. Ga 7 × 8, 40 da 16. Ga 8 × 8, ninkin 32. Ga 6 × 6, 30 da 6. Kusan dukkansu sau 5 suka jingina da ita. Da wannan, yaya ko iya da ke duba takardar ba za su tsaya a "ba daidai ba" kawai ba, suna da abin da za su nuna.

Kada a buga amsoshin a bayan takardar yaro, ko a ƙasanta a kife. Takarda daban, a hannun mai dubawa.

7. Idan da kwamfuta za ka yi

A Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc, zuba lambar farko a jerin A, ta biyu a jerin B, daga layi na 2 zuwa na 49. Daga layukan nan biyu da ke ƙasa, a gidan C2 rubuta na farko, a D2 na biyu, ka ja su ƙasa:

```
=A2&" × "&B2&" = ____"
=A2*B2
```

Jerin C tambayoyi ne, jerin D amsoshi, kuma idan ka canza lamba amsar za ta bi ta da kanta. Amma ka guji cika A da B da `RANDBETWEEN`. Ba ta san nauyin tambaya ba, za ta iya maimaita ɗaya sau uku ta tsallake wata, kuma lambobinta suna canzawa duk lokacin da aka taɓa shafin, ta yadda amsoshin da ka buga daga baya ba za su dace da tambayoyin da ka buga da farko ba. Zaɓin tambayoyin aikin hannunka ne.

8. Gwada takardar, ka karanta abin da kurakurai ke faɗa

A karon farko kada ka sa agogo a gaban yaro. Zauna gefe ka kalli hannunsa da bakinsa. Amsar da ta zauna takan fito cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan ka ga yatsu suna motsi a ƙarƙashin tebur, ko leɓe yana ƙirga, yi wa lambar tambayar alama a takardarka ko da amsar ta fito daidai. Idan ya jera kuskure huɗu ko biyar a sashe ɗaya, a tsaya nan, babu amfanin tura shi gaba.

Ka ba da maki sashe-sashe. Jimla ita kaɗai ba ta faɗin komai. A ce yarinya ta samu 37 cikin 48. A ido maki ne mai kyau. Amma da aka raba sai ya zama A 8, B 8, C 7, D 5, E 6, F 3. Yanzu an ga inda ƙasa ta fara zamewa: Sashe D, ba F ba.

Duba amsoshin da kansu. A lamba 25 ta rubuta 6 ga 3 × 3, wato haɗawa ta yi maimakon sau, kuskuren gaggawa ne da ke yawan faruwa a ƙananan lambobi. A lamba 30 ta rubuta 21 ga 8 × 3, a lamba 32 kuma 18 ga 3 × 7. Duka biyun sun gaza da uku daidai. Wannan alama ce cewa uku-uku take ƙirgawa daga farko, tana ɓatar da taki ɗaya a hanya. Ba ta riƙe jadawalin 3 ba tukuna, kuma hanyar ninki biyu da ƙari ɗaya ba ta shiga ba, duk da 8 × 2 da ke gaban tambayar. A Sashe E ta sake faɗuwa a 7 × 3, wanda ya tabbatar da haka, sannan ta rubuta 64 ga 9 × 7. Wannan wani ciwon ne daban: ba ƙirga ta yi ba, ta tuno amsar maƙwabciya ce, ta 8 × 8. Maganinsa a sa ta haɗa 6 da 4 ta ga ba su ba da 9 ba.

Takardarta ta gaba ba za ta zama kwafin wannan ba. Sashe A da B su haɗe su zama sashe ɗaya na ɗumama hannu. C ya tsaya yadda yake, a juya tambayoyinsa. Jadawalin 3 ya samu sassa biyu: na farko kowace tambaya da gadarta ta sau 2 a gabanta, na biyu babu gada. Sai sau 9 ta zo a sashe na biyar. Daga gidan F kuwa a ɗauko biyu kacal, 6 × 6 da 6 × 7, a gauraya su cikin sashe na ƙarshe tare da tsofaffi shida. Sauran huɗun su jira.

Ma'aunin da nake bi shi ne 7 cikin 8, ba tare da ƙirga da yatsu ba, a ranaku biyu daban-daban, kafin in rage wa sashe wuri in buɗa wa na gaba. Kuma kada ka ba yaro takarda ɗaya tak sau uku a jere, domin zai haddace wurin amsa ne, ya san cewa ta ƙarshe 56 ce ko bai karanta ba. Ka juya tambayoyin, ka sauya musu wuri a cikin sashensu, ka rubuta "Takarda 2" a saman sabuwar da kuma saman amsoshinta, don kada gobe a duba aikin yaro da amsoshin jiya.